Takardar Ajiye Aikin Nas Mai Tafiya Ƙaro Karatu: Me Ake Rubutawa, Yaushe Ake Miƙawa?

Duk shekara, da zarar jami'o'i da makarantun ƙwarewa sun saki sunayen ɗaliban da suka ɗauka, ɗakunan kwanciya na asibitocinmu sukan fara rasa hannu. Wannan nas ta samu gurbin digirin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, waccan za ta koyi jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wani kuma zai tafi jinyar ƙashi a asibitin Dala. Abin murna ne, domin ilimin nas majinyaci ne ke cin moriyarsa. Sai dai kafin a ɗaure kaya akwai takarda guda da dole a rubuta, kuma yadda aka rubuta ta da ranar da aka miƙa ta su ne ke nuna ko nas za ta fita da suna mai kyau ko kuwa za ta bar baya da ƙura.

Wannan takarda masu karanta ta biyu ne, kuma buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne ofishin gudanarwa, wanda zai sa ta a fayil. Shi abin da yake nema kwanan wata ne da lambar ma'aikaci. Na biyu shi ne ɗakin da nas ke aiki, wato incaji da abokan diyuti da majinyata. Su abin da suke buƙata lokaci ne da za su shirya wa rashinta. Takarda mai kyau ita ce wadda ta biya wa kowannensu buƙata a shafi ɗaya.

Kafin a ɗauki biro

Tambayar farko ba ta rubutu ba ce. Ita ce: shin ajiye aikin ya zama dole? A aikin gwamnati akwai hutun karatu iri biyu, mai albashi da marar albashi. Mai albashi yakan zo da yarjejeniya: hukuma ta ci gaba da biyanki kina makaranta, ke kuma ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi mata aiki na wasu shekaru, in ba haka ba ki biya abin da aka kashe. Marar albashi ba a biyanki, amma gurbinki na nan yana jiranki. Galibi sai wadda aka tabbatar da ita a aiki ke samun ko wanne, kuma a aikin gwamnatin tarayya tabbatarwa na zuwa ne bayan shekara 2 ta gwaji. Ana kuma duba ko karatun ya dace da aikin da take yi.

Ajiye aiki kuwa yanke igiya ne. Wadda ta ajiye, in ta so dawowa bayan karatu, sabuwar takardar neman aiki za ta rubuta, ta jira a buɗe ɗaukar ma'aikata kamar kowa. Digirin jinya shekara 5 ne, wadda ta shiga kai tsaye da takardar rajistarta ta nas kuma takan fara daga aji biyu, ta yi shekara 4. Karatun ƙwarewa irin na tiyata ko ido ko ƙashi ya fi haka gajarta sosai. Saboda haka mai tafiya gajeren karatu ta fara gwada neman hutu a rubuce. Idan an hana, ko asibitin na kuɗi ne da ba shi da irin wannan tsari, ko ita da kanta ba ta son ɗaurin yarjejeniya, to sai a zo kan takardar ajiye aiki.

Abin da ba a yi shi ne hanya ta uku, wadda wasu ke bi don gudun wahalar ofis: mutum ya ɓace kawai, ya bar albashi na shiga. A dokokin aikin gwamnati, ƙauracewa aiki ba izini babban laifi ne da kan kai ga kora, kuma kora a fayil tabo ce da ke bin ma'aikaci duk inda ya je neman aiki ko shaidar hali.

Notis na kwana nawa?

Amsar tana cikin takardar ɗaukar aikinki da littafin ƙa'idojin ma'aikata na asibitin. Can za a fara dubawa, ba bakin abokiyar aiki ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tsara mafi ƙarancin notis: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Ta kuma ce notis na mako ɗaya ko fiye dole ya kasance a rubuce, kuma ranar da aka ba da shi ba ta cikin lissafi. Amma kada nas ta dogara da waɗannan alƙaluma kaɗai, domin dokar ta cire masu aikin ƙwarewa daga ma'anar "ma'aikaci" da take karewa, don haka abin da aka sa wa hannu ranar ɗaukar aiki shi ya fi ƙarfi. A wurare da yawa wata 1 ne, a wasu asibitocin kuma manyan ma'aikata wata 3 ake nema daga gare su. Inda lokaci ya ƙure, akasarin yarjejeniyoyi sun yarda a biya albashin tsawon notis ɗin a madadinsa.

Akwai wani abu da ya fi rikita mutane: daga wace rana ake fara ƙirga? Ba daga ranar da kika rubuta a saman takarda ba ne, daga ranar da ta isa hannun hukumar ne. Kotunan Najeriya sun daɗe a kan wannan matsaya tun shari'ar Benson da Onitiri ta 1960: ajiye aiki na kama aiki ne da isar takarda ga wanda aka rubuta wa, kuma ba shi da ikon ƙin karɓa. Wannan ba ya yafe bashi ko yarjejeniyar da ke kan ma'aikaci, amma yana nufin hatimin "an karɓa" na ofishin shige da ficen takardu shi ne shaidarki. Shi ya sa ake buga kwafi biyu ko uku, a miƙa ɗaya, a sa a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a dawo miki da shi.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata nas ce mai shekara 6 a ɗakin kwanciyar mata na wani babban asibiti. Ranar 10 ga Satumba ta samu takardar shiga jami'a, rajista kuma za a fara 3 ga Nuwamba. Takardar ɗaukarta ta ce notis wata 1 ne. A lissafin gaggawa sai ta ce: in na rubuta 1 ga Oktoba ai na cika. To amma takardar nas ba kai tsaye take zuwa wurin shugaban asibiti ba. Tana bi ta hannun incajin ɗaki, ta wuce wurin shugabar sashen jinya, kowacce ta sa hannu, sannan ta isa ofis. Idan incaji na hutun ƙarshen mako, shugabar sashe kuma ta tafi taro, takardar da aka rubuta 1 ga Oktoba tana iya samun hatimi sai 9 ga wata. Kenan wata ɗayan zai cika ne bayan an kusa mako guda da fara rajista. Daga nan zaɓi biyu ya rage mata, duka masu ɗaci: ko ta makara a makaranta, ko ta shiga maganar biyan kuɗi a madadin notis a daidai lokacin da take tara kuɗin rajista da na haya.

Da ta miƙa 22 ga Satumba, ta sa 31 ga Oktoba a matsayin ranar ƙarshe, ta kuma ɗauki takardar da hannunta daga tebur zuwa tebur har ta ga an buga hatimi, da duk wannan bai taso ba. Ba a hana ba da notis fiye da wanda aka gindaya ba. Ƙarancinsa ne ke jawo magana.

Abin da rosta ke faɗa

Dalilin zaɓar 22 ga Satumba bai tsaya a kan doka ba. Incaji takan zana rostar wata mai zuwa a kwanakin ƙarshe na wata mai ci. Mu ce ɗakin nan yana da nas 11 masu juyawa ban da incaji, kuma kullum ana buƙatar mutum 3 da safe, 2 da yamma, 2 da dare. Diyuti 7 kenan a rana, 210 a wata mai kwana 30. Kusan kowane wata akwai mutum ɗaya a hutun shekara, saura 10, kowacce ta ɗauki diyuti 21, ciki har da dare 6. Idan ɗaya ta tafi ba a maye gurbinta ba, saura 9, nauyin kowacce ya haura 23, daren kuma ya doshi 7. A takarda ƙarin bai yi yawa ba. A jiki kuwa shi ne ranar hutun da uwa ta shirya kai ɗanta rigakafi, shi ne kuma allurar ƙarfe shida na safe da mai gajiya za ta ba gado talatin.

Incajin da ta samu labari da wuri tana da abin yi. Za ta iya rage wa mai tafiya diyutin dare a makon ƙarshe don ta samu damar miƙa aiki da rana, ta daidaita hutun wasu, ta rubuta wa shugabar sashe neman a turo wata daga wani ɗaki kafin a zana rostar Nuwamba. Wadda aka faɗa wa bayan an lika rosta a bango ba ta da komai sai ɗaukar waya tana roƙon mutane. Saboda haka ladabin aikin shi ne a fara samun incaji a keɓe, baki da baki, kafin takarda ta iso teburinta. Ba a tsakiyar miƙa diyuti ba, ba a gaban majinyata ba. A ce mata, "Sista, Allah ya sa na samu gurbin karatu, na ga ya kamata ke ki fara ji daga bakina kafin in kawo takarda." Ba ƙaramin ciwo ba ne shugaba ta ji tafiyar ma'aikaciyarta a bakin masu shara.

Ita takardar kanta

Da Turanci ake rubuta irin wannan takarda a asibitocin Najeriya, amma gininta ɗaya ne ko da wane harshe. A sama akwai sunan nas, muƙaminta, lambar fayil, ɗakin da take aiki da kwanan wata. Sai wanda ake rubuta wa, wato shugaban asibiti ko na hukumar kula da asibitoci, tare da jerin waɗanda za ta bi ta hannunsu. Sai kan magana a layi ɗaya. Ga ma'anar abin da nas ɗin misalinmu za ta iya rubutawa:

"Ranka ya daɗe,

Sanarwar Ajiye Aiki

Ina sanar da hukumar asibiti cewa zan ajiye aikina na jami'ar jinya a ɗakin kwanciyar mata. Wannan takarda ita ce notis ɗina kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada, kuma ranar aikina ta ƙarshe ita ce 31 ga Oktoba.

Dalilina shi ne na samu gurbin karatun digiri a fannin jinya, wanda zai fara a watan Nuwamba. Na haɗa da kwafin takardar shiga makarantar.

Ina godiya ga hukumar asibiti da ta ba ni damar yin aiki na shekara shida. Ina godiya ta musamman ga incajin ɗakinmu da abokan aikina, waɗanda a hannunsu na ƙware a kula da masu ciwon suga da masu shanyewar ɓarin jiki, da kuma likitoci da masu taimaka wa jinya da masu tsabtace ɗaki da muka yi dare da rana tare.

Kafin ranar tafiyata zan miƙa duk abin da ke hannuna ga wadda incaji ta zaɓa, zan kuma kammala takardar wanke kai. Ina roƙon a ba ni amsar karɓar wannan sanarwa a rubuce, tare da takardar shaidar aiki.

Na gode."

Sakin layi huɗu ne, kuma kowanne da aikinsa. Na farko shi ne wanda ofis zai ja wa layi, don haka babu "ina tunanin" ko "idan hali ya yi" a cikinsa, kuma ba a cewa "nan da wata ɗaya" ba tare da kwanan wata ba. A lura kuma sanarwa ce, ba neman izini ba. Wadda ta rubuta "ina neman a amince mini in ajiye aiki" ta buɗe ƙofar a ajiye takardarta a ce ana dubawa.

Na biyu gajere ne da gangan. Ba dole ba ne a faɗi dalili, amma karatu dalili ne mai kyau da ya dace ya zauna a fayil, domin ranar da ta dawo neman aiki da digiri a hannu, wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga ba rigima ce ta fitar da ita ba.

Na uku, wato godiya, nan ne ake yawan yin kuskure iri biyu. Wasu sukan cika shafi da yabon shugabanni har maganar ranar tafiya ta nutse. Wasu kuma sukan fake da godiya su zuba ƙorafi: alawus ɗin da ba a biya ba, ƙarin girman da aka danne, wadda ke ɗora musu dare a kai a kai. Ƙorafin yana iya zama gaskiya, kuma yana da wurinsa, wato wata takarda daban ko ofishin ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa a asibitin. Amma wannan takarda za ta zauna a fayil shekaru bayan fushin ya huce. Godiya mai ratsa zuciya ita ce mai nuna abu takamaimai: me aka koya, a hannun wa. Jimla biyu ta isa. Kuma ba a ambaton sunan majinyaci ko labarin ciwonsa, komai shaƙuwar da aka yi, domin sirrin majinyaci ba ya ƙarewa da ƙarewar aiki.

Makonnin ƙarshe

Alkawarin da ke sakin layi na huɗu shi ne ainihin godiyar, domin a aikace ake cika shi. Nas mai shekara 6 a ɗaki ɗaya tana riƙe da abubuwan da ba a rubuce suke ba. Akwai na ƙirgawa: makullin kabad ɗin magunguna masu tsauri irin su fetidin da mofin, wanda sai an ƙirga kowace kwalba an gwada da littafin rajista, mai miƙawa da mai karɓa duka su sa hannu, sai kayan aiki irin su na'urar awon jini, ta awon suga da tukwanen iskar numfashi. Idan aka tarar da giɓi bayan ta tafi, sunanta za a fara kira, ita kuma tana can aji ba ta da bakin kare kanta. Akwai kuma wanda ba ya ƙirguwa: wace majinyaciya ce gyambon kwanciyarta ke buƙatar juyi a kan kari, wace ce ba ta shan magani sai 'yarta na kusa, wace ɗaliba ce aka bar mata ta koya wa sa robar fitsari ba a gama ba. Wannan ma a rubuta shi a miƙa, kada a bar shi ga tunawa.

Sai takardar wanke kai, wadda ake kira kiliyarans, da ake zagayawa da ita sashe sashe: ma'ajin kaya, ofishin kuɗi, gidajen ma'aikata ga mai zaune a ciki, da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata. A wannan ta ƙarshe ake yawan ɓata zumunci. A ce nas ɗinmu tana da ragowar bashin naira 180,000 a ƙarshen Agusta, ana cire mata 30,000 duk wata. Bayan albashin Satumba da na Oktoba zai rage 120,000. Da zarar albashinta ya tsaya, ƙungiyar kan koma kan abokan aiki biyun da suka tsaya mata. Ba daidai ba ne a rubuta wa mutane godiya a takarda sannan a bar musu bashi a albashi. Ta je ofishin ƙungiyar tun makon farko, a duba ko ajiyarta za ta rufe, in ba za ta rufe ba a yi yarjejeniyar biya a rubuce, masu tsaya mata su sani. Haka ma adashen ɗaki, idan ta riga ta kwasa.

Abu biyu na kuɗi sun rage. Idan albashi ya ci gaba da shiga bayan ranar ƙarshe saboda ba a cire sunanta da wuri ba, wannan ba rabo ba ne, bashi ne. A sanar da ofishin kuɗi a rubuce, kada a taɓa shi. Na biyu, ga wadda ke cikin tsarin fansho na karo-karo a ƙarƙashin dokar 2014, asusunta nata ne, ajiye aiki ba ya cinye shi, kuma duk inda ta sake kama aiki da lambarta ɗaya za ta ci gaba. Dokar ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 cikin 100 idan ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba. Wasu jihohi suna da nasu tsarin daban, don haka ma'aikaciyar jiha ta tambayi hukumar fanshonta kafin ta tafi.

Su ma shugabannin asibiti akwai haƙƙi a kansu. Nas da ta ba da cikakken notis, ta miƙa aiki, ta wanke kanta, ta cancanci amsa a rubuce da takardar shaidar aiki kafin ranar tafiyarta, ba a bar ta tana zirga-zirga daga makaranta tana bin fayil ba. Wannan shaida ba ado ba ce. A farkon 2024, lokacin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardu, waɗanda suka jawo zanga-zangar nas-nas, ɗaya daga cikinsu shi ne kawo shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aiki. Ko da sharuɗɗa sun sauya, makarantu da masu ɗaukar aiki ba su daina tambayar inda mutum ya baro da yadda ya baro shi ba.

Don haka ranar da za ta cire farin kaya a wannan ɗaki karo na ƙarshe, takardu huɗu ya kamata su kasance a jakarta: kwafin sanarwarta mai hatimi, amsar hukuma, kiliyarans da aka gama sa wa hannu, da takardar shaidar aiki. Idan ɗaya ba ta fito ba, ta rubuta tunatarwa tun tana ciki, domin abin da ma'aikaciya ke samu a mako guda yakan ɗauki tsohuwar ma'aikaciya watanni.